In An Ce Ka Ci Kuɗin Ofis

A irin ƙananan ofisoshin da ke unguwar Dawaki a cikin Gombe, inda mutum shida ko bakwai ke zaune ɗaki ɗaya da fanka ɗaya, maganar da aka yi da hantsi kafin azahar kowa ya ji ta. Wanda ake yi da shi ne kawai ba ya ji da wuri.

Ba kowane tsegumi ake tankawa ba. In an ce kana da girman kai ko rowa, share. Kwana biyu za su sami wani. Amma in maganar ta taɓa amana, shiru na iya cin aikinka.

A ce kai ne mai karɓar kuɗi a wata makarantar kuɗi, sai aka fara raɗe-raɗin dubu arba'in sun yi ɓatan dabo a hannunka. Alamar magana ta kai sama ba ta ɓuya: an karɓe makullin durowa ba dalili, ko ana yin shiru da ka shigo. A nan mutane ke kuskure. Sai ka ga mutum yana bin tebur-tebur yana rantsuwa, ko ya zazzage fushinsa a zauren WhatsApp na ma'aikata. Wanda bai ji ba ma ya ji, kuma abin da ka rubuta cikin fushi shi za a nuna wa shugaba gobe.

Fara da wanda ya kawo maka gulmar: "Malam, da kunnenka ka ji? A bakin wa?" Sau da yawa a nan "an ce" ke mutuwa. (Ka lura da shi ma, mai kawowa shi ke kaiwa.) In ya kama suna, sami mutumin a keɓe tare da dattijo ɗaya da kuke jin nauyinsa, ka maimaita abin da ka ji, ka tambaye shi hujjarsa, ba zagi. Sannan ka haɗa rasit da takardun banki, ka rubuta wa shugaba gajeriyar takarda mai kwanan wata, kai da kanka ka nemi a binciki littafin kuɗi. Ajiye kwafi a gida. In takardar tuhuma ta zo daga baya, amsarka ta riga ta.

Kotu fa? Final Kod ɗin da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya sa ɓata suna cikin laifuka a sashe na 391, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara biyu. Sai dai alƙali zai nemi wanda ya ji da kunnensa, abokin aiki kuwa da wuya ya yarda ya tsaya shaida a kan wanda gobe za su zauna benci ɗaya. Saboda haka tun ranar farko ka rubuta wa ya faɗa, yaushe, a gaban wa, in saƙon waya ne ka ɗauki hotonsa kafin a goge.