Lambobi Uku Da Ke Sa Injin Busta Ya Daɗe

A gidaje da yawa yanzu tankin ruwa a ƙasa yake, ɗan ƙaramin injin busta ne ke tura ruwan zuwa kicin da banɗaki. A jikin injin akwai wata tanki mai kama da tulu, ja ko shuɗiya, mai cin lita 24 galibi. Gefenta akwai geji mai allura, da wani ɗan akwati na roba wanda wayoyin wuta suke shiga. Wannan akwati shi ne makunnin matsi, shi ke tayar da inji ya kuma kashe shi. Idan aka ji inji yana tashi yana mutuwa duk bayan daƙiƙa biyu ko uku, ko yana ta gurnani ya ƙi tsayawa, sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Lambobi uku ne ba su daidaita ba: matsin da inji ke tashi a kansa, matsin da yake tsayawa, da iskar da ke cikin tankin.

Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, kuma a kan wannan aka gina aikin gaba ɗaya. A cikin tankin akwai jakar roba mai kauri, kamar tif ɗin ƙwallo. Ruwa yana shiga cikin jakar, iska kuma tana kewaye da ita. Inji ya tura ruwa, jaka ta kumbura, iska ta takura, allurar geji ta yi sama. Da ta kai lambar tsayawa sai makunni ya yanke wuta. In aka buɗe famfo, iskar nan da ta takura ita ke koro ruwan, inji yana hutawa, har allura ta sauko lambar tashi. Abin da ke gajiyar da mota da kafasito da bakin makunni shi ne yawan tashi, domin a daidai lokacin tashi mota ke jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ja tana tafiya. Aikin tankin ke nan, ta rage yawan tashin.

Gejin yakan nuna ma'auni biyu, bar da psi. Bar 1 kusan psi 14.5 ne, kuma yana ɗaga ruwa sama kimanin mita 10. Yawancin makunnan ƙananan injuna, irin su PM/5 na kamfanin Italtecnica, suna fitowa a saite su tashi a bar 1.4 su tsaya a 2.8. A psi wannan shi ne 20 da 40. Gidan ƙasa mai banɗaki ɗaya ko biyu wannan saiti ya wadatar da shi, kuma wanda ruwansa ke zuwa daidai ya bar makunni yadda ya gan shi.

Bari mu ɗauki gidan bene mai hawa ɗaya, inda saitin kamfani ya gaza. Injin doki ɗaya ne, yana ƙasa kusa da tankin ruwa, shawar sama kuma tana bisa injin da kimanin mita 6. Masu gida sun lura ruwan shawa yakan fara da ƙarfi, sai ya yi sanyi har ya koma zuba a hankali, sannan ya sake ƙarfi. Lissafin a fili yake. Hawan mita 6 yana cinye bar 0.6. Lokacin da allura ta sauko 1.4, abin da ya rage a kan shawa bar 0.8 ne, kuma gwiwoyin fayif da tsawonsa za su ƙara rage wani abu. Idan ana so a samu kusan 1.4 a can sama ko a lokacin da matsi ya fi ƙasa, sai a mayar da lambar tashi bar 2.0. Tazarar 1.4 da ke tsakanin tashi da tsayawa a bar ta yadda take, lambar tsayawa ta zama 3.4.

Kafin a taɓa noti, a tambayi injin ko zai iya. A farantin da ke jikinsa akwai inda aka rubuta H max, wato iyakar tsawon da zai iya tura ruwa. A ce na wannan gida an rubuta mita 45, wato bar 4.5. Tsayawa a 3.4 bai dame shi ba, akwai rata mai yawa. Da a ce ƙaramin inji ne mai rabin doki wanda iyakarsa mita 35, to 3.4 ta yi kusa da bakin ƙarfinsa. Ranar da wuta ta zo da rauni, ko farfelarsa ta ɗan ci, ba zai kai lambar ba. Zai yi ta juyawa famfuna suna rufe, ruwan cikinsa ya yi zafi, sil ya ƙone. Saboda haka lambar tsayawa ta kasance ƙasa da iyakar inji da aƙalla rabin bar. Wanda injinsa bai kai ba ya haƙura da ƙaramin saiti ko ya sauya inji, noti ba ya ƙara wa inji ƙarfi.

Aikin yana farawa da duba iska. A cire filogi, ko a kashe makunnin bango da ke ba inji wuta. A rufe bawul ɗin da ke kawo ruwa daga babban tanki, a buɗe famfo mafi kusa har ruwa ya ɗauke, allura ta kwanta a sifili. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin muddin akwai ruwa a matse cikin jaka, abin da za a karanta matsin ruwa ne. A bayan tankin, ƙarƙashin wani murfin roba, akwai bawul irin na tayar mota. A ɗan danna tsinkensa. Idan iska ce ta fito, madalla. Idan ruwa ne ya feso, jaka ta fashe, kuma babu saitin da zai yi magani sai an kwance kusoshin bakin tanki an sa sabuwar jaka. In iska ce, a sa gejin taya a karanta. A wannan mataki ana so ta kasance ƙasa kaɗan da lambar tashi ta yanzu, wato 1.2. Kada a yi gaggawar kai ta 1.8 tun makunni yana kan 1.4, don allura za ta riƙa faɗuwa gaba ɗaya kafin inji ya tashi, a kasa karanta komai.

Sai makunni. Wuta tana kashe, a kwance murfinsa. Za a ga sifirin biyu, babba da ƙarami, kowanne da noti a kansa. Babban noti yana ɗaga lambobin biyu tare: a ɗaure shi, tashi da tsayawa su hau, a sassauta su sauko. Ƙaramin noti tazara yake gyarawa: a irin waɗannan makunnai ɗaure shi yana ƙara lambar tsayawa, ya bar lambar tashi inda take. A makunnai irin na Square D, zagaye ɗaya na babban noti yana kawo psi 2 zuwa 3, kusan bar 0.2, don haka mai neman ƙarin 0.6 zai yi zagaye uku ko huɗu. Wasu makunnan sun bambanta, shi ya sa geji ne alƙali. A yi wa notin alama da biro don a san inda aka faro, a ɗaure zagaye ɗaya, a mayar da murfi, a buɗe bawul ɗin ruwa, a kawo wuta. Wayoyin cikin akwatin tsirara suke kuma wurin jiƙe yake, kada a sa sifana a ciki da wuta a kunne.

Inji zai cika tanki ya tsaya. A rubuta lambar da ya tsaya a kai. A buɗe famfo kaɗan, ruwa yana zirara, ido yana kan allura. Za ta yi ta sauka sannu a hankali har a ji ƙas daga akwatin, inji ya tashi. Wannan ita ce lambar tashi. A rufe famfo, a kashe wuta, a ƙara zagaye, a sake gwadawa har tashi ta kai 2.0. Sai bayan nan a dubi tsayawa. Idan ta kama 3.4 ko kusa da haka, ba ruwan kowa da ƙaramin noti. Idan ta wuce, a sassauta shi rabin zagaye a gwada.

Yanzu a koma ga iska. Ƙa'idar ita ce ta kasance ƙasa da lambar tashi da bar 0.2, ko psi 2 zuwa 3, tanki kuma babu ruwa. A nan 1.8 ke nan. A sake kashe wuta, a zubar da ruwa, a bar famfo a buɗe, a buga iska da famfon keke ko na mota. Gejin taya da na inji sukan saɓa, amma akwai hanyar tabbatarwa. A bar inji ya cika tanki, a kashe wuta, a buɗe famfo kaɗan. Allura za ta sauka a hankali, sai a wani wuri ta faɗi sifili farat ɗaya. Inda ta faɗi nan ne ainihin matsin iskar a ma'aunin gejin inji, kuma ana so ya kasance ƙasa kaɗan da 2.0.

Dalilin wannan 0.2 yana da sauƙin ganewa. Idan iska ta fi lambar tashi, jaka takan ƙare ruwanta kafin makunni ya motsa, sai shawa ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ruwa ya dawo da bugu. Idan iska ta yi ƙasa sosai, ruwa ya mamaye tankin, jaka ta miƙe fiye da kima, abin da ake samu kafin inji ya tashi ya ragu. Da wannan saiti na 1.8 da 2.0 da 3.4, tankin lita 24 tana ba da kimanin lita 7 tsakanin tsayawa da tashi. A auna da bokiti. Idan an samu lita 6 ko 7, aiki ya yi. Idan lita ɗaya ko biyu aka samu, iska ta zurare ko jaka ta huje. Wanda yake so inji ya ƙara hutawa ya nemi tankin lita 50, ya samu kusan ninki biyu.

Akwai matsalolin da ke kama da na saiti alhali daga wani wuri suke. Inji ya tashi cikin dare babu wanda ya buɗe famfo: ruwa na zurarewa, ko ta tankin masai, ko ta bawul mai hana ruwa komawa baya. A rufe bawul ɗin da ke shiga gida, in allura ta ci gaba da sauka, laifin yana wajen inji. Makunni ya riƙa jinkiri ko ya daina jin matsi: yashin rijiyar burtsatse ya toshe ɗan ramin da ke ƙarƙashinsa, a kwance a wanke. Inji ya ƙi tsayawa allura kuma ba ta hawa: yana shan iska ta fayif ɗin shiga, ko babban tanki ya ƙare. Makunni na yau da kullum bai san ruwa ya ƙare ba, ƙarancin matsi kawai yake gani, sai ya bar inji yana juyawa a bushe. Maganin wannan makunni mai yawo a kan ruwa ne, a sa shi cikin babban tanki ya yanke wuta idan ruwa ya yi ƙasa.

Iskar tanki tana raguwa a hankali ko da komai lafiya, don haka a duba ta duk wata shida, da tanki babu ruwa, a shafa wa bawul ɗin kumfar sabulu a ga ko yana fitar da iska. A rubuta lambobin uku da maka a jikin tankin, yadda duk mai gyaran da ya zo gaba zai san inda zai mayar da su.