Tambaya ɗaya ce ke riƙe da rubutun muhawara na Faransanci

Ɗalibin Yelu da ke shirin jarrabawar bakaloriya yakan haddace *d'abord*, *ensuite*, *cependant* da *en somme*, ya yayyafa su a takarda, ya ɗauka ya gama tsara muhawara. Nan kuskuren yake. Kalmomin haɗi ba sa haifar da hujja, nuni kawai suke yi ga alaƙar da ke akwai tsakanin tunani biyu. Abin da ke riƙe rubutun shi ne tambayar da aka yi a gabatarwa.

A ce an ba da wannan batu: *L'exode rural est-il une solution pour les jeunes ?*, wato ko barin ƙauye mafita ce ga matasa. Gabatarwa aiki uku take yi a sakin layi guda. Za ta shigo da batun daga abin da aka sani, kamar yadda samarin yankin Gaya ke tsallakawa Malanbil ko Kamba bayan girbi. Sai ta matse shi ya zama tambaya mai fuska biyu: kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa yana cike gurbin hannun da gona ta rasa? Daga nan ta faɗi sassan da za a bi. Sashen farko ya kawo amfanin tafiya, kowane sakin layi da ra'ayi ɗaya, dalilinsa da misalinsa. Na biyu ya kawo asarar. Tsakaninsu ake buƙatar jimlar tsallakawa, wadda rabinta ke rufe abin da ya wuce, rabinta ke buɗe mai zuwa: *Si l'exode nourrit la famille, il prive cependant les champs de bras.* Gwajin da ke nuna ko an yi muhawara mai sauƙi ne. A musanya sassan biyu; in ba abin da ya lalace, jeri aka yi, ba a yi muhawara ba. Kammalawa kuma ta taƙaita, ta amsa tambayar kai tsaye, misali cewa tafiyar rani na taimakawa muddin ana dawowa kafin shuka. Sabuwar hujja ba ta da wuri a nan.

Wasu za su ce tsarin nan na koya wa yaro baki biyu, ya ce i a shafin farko, ya ce a'a a na biyu. Haka ne, idan sashe na biyu ya ƙaryata na farko. Aikinsa kuwa nuna iyakar na farko ne: tafiya na ciyar da gida, amma ba kowane gida ba, ba kuma kowace shekara ba. Wasu kuma za su ce tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, don haka ba sai an wahala da Faransanci ba. Gaskiya ne Hausa ce harshen ƙasa, sai dai dokar da ta tsayar da hakan ta bar Faransanci cikin harsunan aiki, kuma ba abin da ya hana ɗalibi ya fara tsara hujjojinsa da Hausa a takardar gwaji kafin ya zuba su da Faransanci.