Buhu ɗaya, masu talla uku: yadda za ka haɗa lissafi ba tare da ninkawa ba

Da zarar ruwan farko ya sauka a Funtuwa da Malumfashi, dillalan iri da taki da maganin feshi sai su buɗe wa talla aljihu. Wani na biyan Facebook da Instagram, yana biyan TikTok, ga kuma Google. Rigimar tana tasowa ne ranar da aka zo tattara sakamako a allo guda, wato dashbod.

Mu ɗauki dillalin irin masara a Funtuwa mai shafin karɓar oda. A watan Mayu ya kashe ₦120,000 a Meta, ₦50,000 a TikTok, ₦30,000 a Google, jimilla ₦200,000. Meta ta ce ta kawo oda 40, TikTok ta ce 22, Google ya ce 13. Ya tara, ya samu 75. Amma littafin shago oda 52 kacal ya nuna. Ina sauran 23?

Babu su. Manomi a Malumfashi ya latsa bidiyon TikTok ranar Litinin, Laraba ya latsa tallan Facebook, Juma'a ya nemi shagon a Google, ya latsa talla, ya yi oda. Kowane dandali yana da wa'adin da yake ɗaukar ciniki a matsayin nasa. In ba ka sauya saitin ba, Meta tana ƙirga wanda ya saya cikin kwana 7 da latsawa, ko kwana 1 da gani kawai. Google yana jira har kwana 30 bayan latsawa. Ba wanda ke ganin littafin ɗan'uwansa, don haka ciniki ɗaya ya zama uku. Dillalinmu zai zaci kowace oda ta ci masa kusan ₦2,670 na talla, alhali kusan ₦3,850 ta ci.

Ka'idar a nan ita ce: kuɗin da aka kashe ana tara su, domin nairar da Meta ta karɓa Google bai karɓe ta ba. Cinikin da dandali ke iƙirari kuwa ba a tara shi. Ciniki daga littafinka zai fito.

A Google Sheets, ka buɗe shafi biyu. Na farko na kashewa: rana, dandali, sunan talla, kuɗi a naira. In asusunka na dala ne, ka yi amfani da abin da banki ya cire maka, kuma ka haɗa da harajin VAT na 7.5% da Meta ke ɗorawa masu talla a Najeriya tun 2022. Na biyu na oda: layi ɗaya ga kowace oda, da lambarta, ranarta, kuɗinta, da tushe guda ɗaya tak. Ka tsai da doka, misali tallan ƙarshe da mutum ya latsa shi ke da cinikin, kuma kada ka sauya ta a tsakiyar damina. A shafin karɓar oda, `utm_source` zai faɗa maka tushen. Ga masu shigowa ta WhatsApp, waɗanda su ne jama'armu, ka ba kowane dandali mahaɗinsa mai saƙon farko daban, kamar "Ina son iri TT1". Wanda ya ji a rediyo ko a bakin maƙwabci, ka rubuta "ba a sani ba". Wannan ya fi ka ba Facebook ladan da bai yi aikinsa ba.

Sai a kula da kafin alƙalami. Manomi ya turo rabi yau, ya cika ranar da ya zo ɗaukar kaya. Alat biyu ne, oda ɗaya. Yaron shago da ke rubuta kowane alat a sabon layi ya riga ya ninka maka ciniki. Wannan gwajin zai tona asiri, idan lambobin oda suna ginshiƙin `A`:

```
=COUNTA(A2:A)-COUNTUNIQUE(A2:A)
```

In amsar ba sifili ba ce, akwai lambar da ta maimaitu.

Wata ninkawar kuma ta fi ɓuya, kuma kuɗin tallan take kumburawa. Idan ka liƙa shafin kashewa da na oda kai tsaye, ranar da ka kashe ₦10,000 aka yi oda 6, kuɗin zai zauna a gefen kowace oda, allon ya nuna ₦60,000. Ka fara tattara kowane shafi zuwa layi ɗaya ga kowace rana da dandali, sannan ka haɗa su, a Sheets ɗin ko a Looker Studio. Ni dai na fi yarda da lissafin mako, domin Google yana mayar da ciniki ranar da aka latsa talla, littafinka kuwa ranar da aka biya ya sani.

Alƙaluman dandali ka bar su a gefe, kowanne a gurbinsa, suna da amfani wajen gane bidiyon da ya fi jan hankali. Kowace Asabar ka gwada jimillar kashewa da abin da banki ya cire, jimillar ciniki da abin da ya shigo ta taransifa da POS da kuɗin hannu, bayan ka ware bashin da ke waje. In ba su yi daidai ba, kada ka ƙara ko sisi a talla sai ka gano layin da ya ninku.