Hoton tsinken fitsari da ruɗin fitilar ɗaki

Da misalin ƙarfe tara na dare ƙanwata ta turo hoto ta WhatsApp. Cikinta wata bakwai ne, ƙafafunta sun ɗan kumbura, mijinta kuma ya sayo mata kwalbar tsinken gwajin fitsari a kemis. Ta tsoma, ta ɗora tsinken a kan zanin gado, ta ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarkin ɗakinta mai haske ruwan ɗorawa. A ƙasan hoton ta rubuta, "Yaya, ki nuna wa Gwaggo, ni dai na ga lafiya lau."

Gwaggonmu tsohuwar malamar asibiti ce, ta daɗe a sashen masu awo. Ta sa tabarau, ta matso da wayar, sai ta ajiye ta. "Ki ce mata ban ga komai ba," in ji ta. "Ina jadawalin? Kuma dubi jelar tsinken nan. Robar fara ce tas, amma a hoton ta koma kamar an shafa mata kurkur. In fari ya zama rawaya, me zai hana kore ya zama rawaya?"

Tsinken siririyar roba ce da aka jera wa 'yan ƙananan murabba'ai, kowanne da sinadarinsa. Akwai mai gida biyu, akwai mai tara, akwai mai goma. Kowane gida yana sauya launi gwargwadon abin da ya tarar a fitsari, sai a gwada shi da jadawalin launukan da ke jikin kwalbar. Dabarar ta fito ne daga Amurka, inda Helen Free da mijinta Alfred suka samar da tsinken gano suga a 1956. Har yau dai ido ne alƙali, shi kuwa ido da abin da haske ya miƙa masa yake yanke hukunci.

Gidan da ya shafi mai ciki shi ne na furotin, wanda aka yi wa alamar PRO. In babu furotin yana nan rawaya. In akwai, sai ya soma kore-kore, ya yi kore sosai, har ya kai kore mai sirkin shuɗi. A jadawalin tsinke irin na Multistix, bayan ɗan ɓurɓushi sai + wato miligiram 30 a desilita, sannan ++ wato 100, sannan +++ wato 300. Tazarar da ke tsakanin ɓurɓushi da + ɗan sirkin launi ne kawai, ko da rana tsaka sai an zuba ido. Amma a wurin mai cikin da ta wuce mako 20, furotin a fitsari tare da jinin da ya kai 140/90 na iya zama alamar ciwon da ke kai wa ga jijjiga.

To, ƙwai mai haske ruwan ɗorawa, ko fitilar kananzir, ko kyandir, duk haskensu ba shi da wadatar shuɗi. Abin da ke raba koren ++ da koren + kuwa wannan ɗan shuɗin ne. In fitila ba ta kawo shi ba, gidan ba shi da abin da zai mayar wa ido, sai sakamako ya sauko ƙasa da yadda yake. Tocilan 'yar caji mai farin haske da ke ɗaukar ido akasin haka take yi: haskenta ya karkata ga shuɗi, tana iya sa rawaya mai lafiya ta yi kore-kore, a tayar wa mutum da hankali a banza.

Sai kuma ita wayar da nata shisshigin. Kamara ba ta ajiye launi yadda ta same shi, gyara take yi da kanta, tana ƙoƙarin cankar wane abu ne fari a wurin. In aka ɗora tsinke a kan jar atamfa, tana iya ɗauka jan ya yi yawa ta rage shi, sai komai ya ja zuwa kore. Filasha kuma a kan jiƙaƙƙen gida ƙyalli take yi, ta wanke launin. Bayan an tura, manhajar ta matse hoton, mai karɓa kuma ya duba a allon da wataƙila an rage wa haske ko an sa shi a yanayin dare mai ja-ja. Hannu huɗu ke nan launin ya bi kafin ya iso wurin Gwaggo.

Wani zai ce ai sai a haɗa tsinke da jadawali a hoto ɗaya, duk abin da haske ya yi wa wannan ya yi wa wancan. Haka ne, kuma shi ne gyara mafi girma. Sai dai bai kashe matsalar duka ba. Jadawalin tawada ce busasshiya a kan takarda mai sheƙi, gidan kuma jiƙaƙƙen sinadari ne, ba lalle su amsa fitila iri ɗaya ba. Duk macen da ta taɓa zaɓen mayafi a cikin shago ta fito rana ta ga bai shiga da leshin ba ta san wannan. Ga kwalbar kuma zagayayya, gefe ɗaya na shan haske, ɗayan na cikin inuwa.

Da na tambayi ƙanwata, ashe sai da ta gama neman caja kafin ta ɗauki hoton, kusan minti biyar. Wannan ma kuskure ne mai zaman kansa. A jikin Multistix, suga ana karanta shi a sakan 30, furotin da jini a sakan 60, gidan LEU na fararen ƙwayoyin jini a minti biyu. Bayan nan launi na ci gaba da tafiya, abin da ya nuna ba abin dogaro ba ne. Wasu kamfanonin lokacinsu daban ne, shi ya sa ba a karanta tsinken wannan kwalba da jadawalin waccan, balle da hoton jadawalin da aka samo a waya.

Da safe Gwaggo ta kira ta, tana faɗa tana yi. Sabon fitsari a tsaftataccen mazubi. A tsoma duka gidajen a cire nan take, a goga gefen a bakin mazubin, a riƙe shi a kwance don kada ruwan wani gida ya gangara cikin wani. Ta fito baranda inda akwai hasken gari amma rana ba ta duka, ta shimfiɗa farar takarda, ta kashe filasha, mijin yana duba agogo. A sakan 60 ta kanga gidan kusa da layin PRO ta fara karantawa da idonta, sannan ta ɗauki hoton tsinke da kwalba tare. A wannan karon jelar ta fito fara, gidan kuma ya tsaya daidai kan ++.

Ba za a iya rantsuwa cewa fitsarin daren ma haka yake ba, tun da na safe ya fi kauri. Gwaggo dai ba ta tsaya wannan muhawarar ba. "Ɗauki katinki ku tafi yanzu, a auna jininki," ta ce. An auna, an samu ya hau, aka riƙe ta.

Mai ciki da ke jin ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki, ko fuska ta kumbura, kada ta jira gari ya waye don a samu hasken ɗaukar hoto. A kai ta asibiti a daren, ko da tsinken ya nuna rawaya.