Kwanakin farko na ciyar da mai anoreksiya a asibiti

Anoreksiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba, har ya rame ya zama ƙashi da rai. Idan an kwantar da shi, dangi kan ɗauka an tsallake haɗari da zarar ya fara ci. Babbar nas kuwa a lokacin ne take tara sababbin ma'aikata ta ja musu kunne, domin kwana biyu zuwa biyar na farkon ciyarwa su ne mafi haɗari.

Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya riga ya cinye ajiyarsa ta sinadaran fosfet, fotasiyam da magnesiyam. Da abinci ya shiga, insulin ya tashi, sai ƙwayoyin jiki su zuƙe ɗan abin da ya rage a jini. Zuciya da tsokar numfashi ba sa aiki sai da fosfet; idan ya faɗi ƙasa sosai, zuciya tana iya tsayawa. Saboda irin wannan haɗari ne cibiyoyin tamowa suke fara wa yara da madarar F-75 mai sauƙi. Shi ya sa kuma ake ba da bitamin B1 tun kafin abincin farko, ana ɗibar jini kullum a kwanakin nan.

Misalin da ya kamata kowane sabon ma'aikaci ya ji shi ne na yarinya mai kilo 35, wadda zuciyarta ke bugawa sau 44 a minti ranar da aka kwantar da ita. Rana ta uku bugun ya kai 88. Wanda bai sani ba zai rubuta lambar ya wuce, tunda 88 daidai ne ga mai lafiya. A wurinta kuwa ninki ne, kuma yana iya nufin zuciya ta fara gazawa. Sai a duba ƙafafu ko sun kumbura, a lura ko tana haki, ko magana ta fara rikice mata, a kira likita nan take, ba a jira zagayen safe ba. Idan fosfet ya sauka daga 1.0 zuwa 0.6, alhali ƙasa da 0.8 ya riga ya gaza, likita zai ƙara mata shi, a auna wutar zuciya, a sake gwajin jini.

Akwai kuma kuskuren da tsoro ke haifarwa, kuma a ganina ba a cika nanata shi ba: janye abinci. Jagorar da Kwalejin Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar a 2022 ta yi gargaɗi cewa ƙarancin ciyarwa ma yana kisa. Don haka ƙaramin ma'aikaci ba ya rage abinci ko ya ƙara da ra'ayin kansa. Yana rubuta abin da aka ci da gaske, ya kai rahoton duk wani sauyi, yana kwatanta lambar yau da ta jiya.