Kwallin Dutse ko Fensir?

Uwargida, in kika zagaye cikin ido da baƙin kwalli sama da ƙasa, ƙanƙancewa idon yake yi. Ki sa baƙi a gindin gashin ido na sama, ƙasa kuwa fensir mai ruwan madara.

Abin da ya fi damu na shi ne kwallin dutsen da ake niƙawa, irin na tandun kakanninmu, domin galibinsa dalma ce. A 2011 an auna tozalin wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston, aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro ya murza ido, ya tsotsi yatsa, gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa ba tare da alama ba.

In kin shiga kasuwar Shuwarin, nemi fensir mai lambar NAFDAC da jerin sinadarai. Kada ki yi aro. Jariri kuwa, ko fensir kada ki sa masa.