Gudun Dutse a Ƙiftawar Ido: Yadda Kalkulas Ke Auna Canji

A saki dutse daga saman dogon bene. Da farko yana tafiya a hankali, sannan gudunsa ya riƙa ƙaruwa har ya kai ƙasa. To, idan aka tambaye ka gudunsa a daidai lokacin da ya cika sakan 2 yana faɗuwa, wace amsa za ka bayar? Tun a firamare an koya mana cewa gudu shi ne tazarar da aka ci a raba da lokacin da aka ɗauka. Amma a daidai wannan ƙiftawar ido babu lokacin da ya wuce, babu kuma tazarar da aka ci. Sai mu tashi da sifili a raba da sifili, abin da ba shi da amsa a lissafi. Duk da haka dutsen ba a tsaye yake ba, kuma wanda ya tare shi da hannu zai shaida cewa da gudu ya zo. Warware wannan ƙulli shi ne darasin farko na kalkulas, kuma amsar da ake samu ita ce ake kira diribatif.

Galileo ya bayyana a littafinsa na 1638 cewa tazarar da abu mai faɗuwa ke ci tana tafiya ne da lokaci an ninka shi da kansa. A ma'aunin yau, idan aka kawar da turjiyar iska, tazarar a mita ta kai kusan 4.9t², inda t ke nufin sakan nawa suka wuce. Don sauƙin lissafi za mu ɗauke ta 5t², mu rubuta f(t) = 5t². Ke nan bayan sakan 1 dutsen ya ci mita 5, bayan sakan 2 mita 20, bayan sakan 3 mita 45.

Mu fara da abin da muka iya

Tunda ba za mu iya auna gudu a ƙiftawa guda ba, sai mu auna shi a ɗan tsakanin lokaci. Daga sakan 2 zuwa sakan 3 dutsen ya ci mita 25 cikin sakan ɗaya. Matsakaicin gudunsa ke nan mita 25 a sakan. Wannan adadi ya yi wa sakan 2 yawa, domin a cikinsa akwai gudun da dutsen ya ƙara daga baya. Sai mu rage tsakanin. Mu kira faɗin tsakanin h.

Idan h rabin sakan ne, dutsen ya tashi daga mita 20 zuwa 31.25. Bambancin 11.25 ne, a raba da 0.5, a sami 22.5. Idan h ya koma 0.1, tazarar ta kai 22.05, bambancin 2.05, a raba da 0.1, a sami 20.5. Idan ya koma 0.01, amsar ta zama 20.05. Mu kuma zo ta ɗaya gefen, daga sakan 1.9 zuwa sakan 2, za mu sami 19.5. Adadin da ke sama suna saukowa, na ƙasa suna haurowa, kuma duk suna nufar wuri guda, wato 20.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi da ya zama 20 cif. Amma ko wane irin kusanci da 20 mutum ya buƙata, za a iya ba shi, muddin aka ƙanƙanta h yadda ya kamata. Adadin da ake dosa ta wannan hanya shi ake kira iyaka, kuma a takarda ana rubuta shi da alamar lim. Daga nan ma'anar diribatif ta fito:

```
f′(a) = lim [f(a + h) − f(a)] / h
        h→0
```

A karanta shi haka: a ɗauki canjin da aka samu a f, a raba shi da canjin da aka samu a lokaci, sannan a duba adadin da amsar ke dosa yayin da h ke matsowa kusa da sifili. Idan akwai irin wannan adadi, shi ne diribatif na f a wurin a.

Aljabara ta tabbatar

Jerin adadi yana nuna hanya ne kawai, ba hujja ba ne. Wa ya sani ko ainihin abin da ake dosa 20.0001 ne? Aljabara ce ke raba gardama, domin tana barinmu mu yi aiki da kowane h a lokaci guda:

```
f(2 + h) = 5(2 + h)² = 20 + 20h + 5h²
f(2 + h) − f(2) = 20h + 5h²
(20h + 5h²) / h = 20 + 5h
```

Layin ƙarshen nan shi ne ya haifi duk adadin da muka gani ɗazu. Sa 0.1 a wurin h ka ga 20.5, sa 0.01 ka ga 20.05. Ya kuma nuna cewa ratar da ke tsakanin amsarmu da 20 ita ce 5h, ba ƙari ba ragi. Mai son ratar ta gaza 0.001 sai ya ɗauki h da girmansa bai kai 0.0002 ba. Gudun dutsen a sakan 2 mita 20 ne a sakan, wato kilomita 72 a awa. Idan aka maimaita aikin da t a maimakon 2, za a sami 10t + 5h, iyakarsa kuwa 10t. Da wannan ana iya faɗin gudun dutsen a kowane lokaci.

Akwai tambayar da ɗalibi mai lura ya kamata ya yi a nan. Mun raba da h, ke nan h ba sifili ba ne. Daga baya kuma mun watsar da 5h kamar sifili ne. Yaya abu ɗaya zai zama sifili kuma ba sifili ba? Wannan tambaya tsohuwa ce. Isaac Newton da Gottfried Leibniz sun gina kalkulas a ƙarni na 17, kowa ta hanyarsa, kuma Leibniz ya wallafa nasa a 1684. Amsoshinsu suna fitowa daidai, amma a 1734 George Berkeley ya rubuta littafi yana sukar wannan gurbi, kuma sukar tana da tushe. Sai a ƙarni na 19 Augustin-Louis Cauchy, a littattafansa na 1821 da 1823, ya ɗora kalkulas a kan iyaka, Karl Weierstrass kuma ya ƙara tsaurara bayanin. Amsar ita ce ba a taɓa mai da h sifili. Abin da ake tambaya shi ne ina 20 + 5h ya dosa, kuma ana iya sanin wannan ba tare da an taka sifilin ba.

Abin da ido ke gani

Yanzu a ɗauki takardar giraf. A jera lokaci a layin kwance, tazara a layin tsaye, a zana f(t) = 5t². Za a sami lanƙwasa da ta fara a kwance sannan ta riƙa miƙewa sama. Miƙaƙƙen layi yana da karkata guda ɗaya, wato yawan hawan da ya yi a raba da yawan tafiyar da ya yi gaba. Lanƙwasa kuwa karkatarta tana sauyawa daga wuri zuwa wuri, shi ya sa ake buƙatar dabara.

A sa ɗigo a (2, 20), a sa wani a (3, 45), a haɗa su da rula. Wannan layi mai ratsa lanƙwasa a wuri biyu sunansa sikant. Ya hau 25, ya yi gaba 1, karkatarsa 25, wato matsakaicin gudun da muka samu da farko. Ashe [f(a + h) − f(a)] / h ba komai ba ne illa karkatar sikant. A bar ɗigon farko inda yake, a riƙa matso da na biyu kusa da shi a kan lanƙwasar. Rular za ta riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, karkatarta ta sauko daga 25 zuwa 22.5, zuwa 20.5. Layin da take nema ta kwanta a kansa shi ne tanjant, wanda ya bi ta (2, 20) da karkata 20. Diribatif ke nan a zane: karkatar tanjant.

Wasu ɗalibai kan ɗauka cewa tanjant layi ne da ya taɓa lanƙwasa sau ɗaya ba tare da ya ƙetara ta ba. Wannan gaskiya ne a da'ira, amma ba ko'ina ba. A zanen x³, tanjant a sifili shi ne layin kwancen kansa, kuma lanƙwasar ta ƙetara shi. Ingantacciyar fahimta ita ce tanjant shi ne miƙaƙƙen layin da ya fi kama da lanƙwasar a kusa da ɗigon. Duniya ƙwallo ce, amma manomi a gonarsa yana ganin ƙasa a shimfiɗe, domin ɗan yankin da yake kallo ƙarami ne. Haka lanƙwasa take idan aka ƙura wa ɗan guntunta ido. Ga shaida: tanjant ɗinmu ya ce a sakan 2.1 dutsen zai ci mita 22, ainihin amsar kuwa 22.05.

Inda ake tuntuɓe

Ba kowane ɗigo ke da diribatif ba. Ɗauki |x|, wanda ke ba da girman adadi ba tare da alamar ɗebewa ba. Zanensa kamar harafin V yake, tsininsa a sifili. Idan h ya zo ta dama, |h| / h kullum 1 ne. Idan ya zo ta hagu, kullum −1 ne. Gefen biyu ba su haɗu a adadi guda ba, don haka babu iyaka, babu tanjant, babu diribatif, ko da yake layin bai tsinke ba. Komai kusancin da aka kalli tsinin, yana nan a tsininsa.

A wajen aikin aljabara kuwa, kurakurai biyu sun fi yawa. Na farko shi ne rubuta f(2) + h a maimakon f(2 + h), alhali h cikin baka yake shiga tare da 2. Na biyu shi ne ɗaukar (2 + h)² a matsayin 4 + h², a manta da 4h na tsakiya, wanda shi ne ke ɗauke da amsar. Wanda ya manta da shi zai tashi da sifili, wato ya ce dutsen a tsaye yake. A irin wannan lissafi akwai gwaji mai sauƙi: bayan an ɗebe f(a), duk abin da ya saura a sama dole ya kasance da h a jikinsa. Idan an ga adadi tsirara, akwai kuskure a baya, sai a koma.

Nan gaba malami zai koyar da gajerun ƙa'idoji da ke fitar da 10t daga 5t² a layi ɗaya, kuma dukkansu daga wannan iyaka aka ciro su. Kafin ka kai can, ɗauki f(x) = x² a wurin 3. Gwada h a 1, da 0.1, da 0.01, ka zana sikant ɗin da rula, sannan ka yi aljabarar. Idan ka tashi da 6 + h, ka kuma iya yi wa abokin karatunka bayanin dalilin da ya sa amsar 6 ce, to ka kama darasin.